Sanarwar neman aiki: yadda sabon mai diplom zai faɗi abin da ya iya ba tare da ya yi roƙo ba

Kowace shekara, da zarar ɗalibai sun kammala karatu a jami'o'in Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, sai saƙonnin neman aiki su fara yawo cikin talho. Wasu a rubuce, wasu da murya, wasu kuma a kawo su gidan rediyo a karanta cikin sanarwa. Da yawansu kan tsaya ne a kan addu'a: a ce "Allah ya ba da sa'a", a wuce. Yau za mu duba dalilin haka, mu ɗauki saƙo ɗaya mu warware shi, mu sake ɗinka shi tare, don yaro ya san abin da zai rubuta, iyaye da ƴan'uwa kuma su san abin da za su tura.

Wa ke karanta saƙon, me yake nema?

Mu fara da mai karantawa. Wataƙila alhaji ne mai garka a gulbin Maraɗi, ya haƙa foraj, ya sayi sola, yana neman wanda zai kula masa da ban-ruwa. Wataƙila shugaban ƙungiyar manoma ne, ko ma'aikacin wata ƙungiya mai zaman kanta da ke neman masu shiga ƙauyuka ɗaukar bayanai. Dukansu abu ɗaya ya haɗa su: kowa da matsalarsa da yake son a ɗauke masa. In ya buɗe saƙo, tambayoyi uku ne a ransa. Me yaron nan ya iya? Wa zai shaide shi? Yana ina, kuma yaushe zai iya farawa?

In saƙo bai amsa waɗannan ba, ko da mai karantawa ya ji tausayi, ba shi da abin kamawa. Tausayi na sa mutum ya ba ka jika ɗaya ka sha ruwa. Amma kafin ya damƙa maka injinsa da garkarsa, sai ya ga alamar cewa ka san aikin. Mai talla ma abin da ke kan farantinsa yake kira, ba yunwar da ke cikinsa ba.

Saƙon farko, da abin da ya ɓata shi

Mu ɗauki misali. A ce wani matashi ne ɗan wajen Madarunfa, ya yi shekara uku bayan bak a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ya samu lisansi a fannin noma. Ga abin da ya fara rubutawa:

"Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah don Annabi ku taimaka mini. Ni mai diplom ne, na gama jami'a amma har yau ina zaune ba aiki. Mahaifina ya tsufa, ni ne babba a gida, nauyi ya yi mini yawa. Kowane irin aiki ne zan yi, ko nawa aka ba ni zan karɓa. Duk wanda ya taimake ni Allah ya taimake shi. A tura don Allah."

Duk abin da ya faɗa yana iya zama gaskiya, kuma babu rashin ladabi a ciki. Amma ku sake karantawa, ku nemo abin da ya karanta a jami'a. Babu. Garin da yake? Babu. Abu ɗaya da hannunsa ya iya? Babu. Alhajin nan mai garka zai iya karanta saƙon daga farko har ƙarshe bai gane cewa mutumin da yake nema ne ke magana ba.

Akwai kalmomi biyu da suka fi yi masa illa. Na farko, "kowane irin aiki". Yaron yana ganin ya buɗe ƙofofi ne da yawa, alhali mai karantawa abin da ya ji shi ne, "ba ni da wani abu da na ƙware a kai." Ba wanda ke tuna mai kowane irin aiki ranar da famfo ya lalace, wanda ya ce ya iya famfo shi ake tunawa. Na biyu, "ko nawa aka ba ni". Da wannan ya karya kuɗinsa tun ba a zo ciniki ba. Mutumin kirki zai yi shakkar ingancin aikin, macuci kuwa ya ga wanda zai sa aiki wata uku ya sallame shi da kuɗin mai.

Tono abin da aka iya

Sabon mai diplom yakan ce, "To ni ban taɓa aiki ba, me zan rubuta?" A nan ake zama da takarda da biro. Sunan diplom yana faɗin ajin da ka zauna ne kawai. Abin da ake so shi ne abin da ka taɓa yi da hannunka, ko a wurin istaj, ko cikin binciken ƙarshen karatu, ko a gonar gida lokacin hutu.

Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. Duk abin da za ka kira ƙwarewa, ka ga ko zai amsa tambaya huɗu: me ka yi, nawa ko tsawon wane lokaci, a ina, wa ya gani. In ya amsa, ya shiga saƙo. In bai amsa ba, a bar shi.

Mu koma kan matashin namu. Da aka zauna da shi, sai ga abin da ya fito. Ya yi istaj wata uku a filin noman rani na Jiratawa, yana bin rabon ruwa tare da manoma. A wata garka mai rabin eka, shi da wani mai gyara sun shimfiɗa tiyon ban-ruwa na ɗigo-ɗigo, kuma shi aka bar wa wanke matata da buɗe ramukan da yashi ya toshe har aka cire amfani. Ya san renon irin tumatir da albasa tun daga gadon iri har dashe. Don littafinsa na ƙarshen karatu ya zagaya ƙauye shida, ya yi wa manoma 80 tambayoyi da talho ta KoboCollect, ya jera amsoshin cikin Excel. Yana tuƙa moto, yana da permi. Yana jin Hausa da Faransanci, yana rubutu da su duka.

Kun ga yaron da ya ce bai taɓa aiki ba. Duk wannan yana nan tun farko, bai ɗauke shi a bakin komai ba ne saboda ba a biya shi albashi a kai ba.

Ku lura da abin da bai ci wannan gwaji ba. "Ina da ƙwazo", "ina da gaskiya da riƙon amana", "ina son aiki da jama'a": kowa na iya faɗin haka, har wanda ba shi da su. Hali wani ne ke shaidar ka a kai, shi ya sa ake ambaton wanda zai iya ba da shaida. Haka kuma "na iya kwamfuta" magana ce mai faɗi. Ka faɗi abin da kake yi da ita: rubuta rahoto, ko jera lissafin kaya, ko ɗaukar bayanai.

Bayan an tono, sai a zaɓa. Abu uku sun isa, huɗu in ya yi yawa. Matashin namu ya taɓa koyarwa a wata lakwal mai zaman kanta, ya kuma taɓa tsaron shagon kawunsa. Ba abin kunya ba ne, amma in ya cusa su cikin wannan saƙo, mai karantawa zai rasa ko malami ne, ko ɗan kasuwa, ko malamin gona. In yana son neman koyarwa ma, sai ya rubuta wani saƙo daban ya aika wa masu makarantu.

Saƙo na biyu

Ga yadda ya koma bayan gyara:

"Assalamu alaikum. Sunana wane, ina zaune a Maraɗi. Na kammala lisansi a fannin noma a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo bana. Ina neman aikin kula da noman rani da ban-ruwa, a garka, ko ƙungiyar manoma, ko wani shiri na raya karkara.

Abin da na iya: shimfiɗa tiyon ɗigo-ɗigo da kula da shi, na yi a garka mai rabin eka tsawon rani guda, renon irin tumatir da albasa har dashe, ɗaukar bayanai a ƙauyuka da KoboCollect da Excel, na yi da manoma 80 a ƙauye shida. Na yi istaj wata uku a Jiratawa, ina da takardar shaida, kuma wanda ya kula da ni a can ya yarda a tambaye shi.

Ina jin Hausa da Faransanci, ina da permin moto. Zan iya farawa daga watan Oktoba, ko'ina cikin jihar Maraɗi ko Tawa, har da zama a ƙauye. Ga lambata. Wanda ya san mai neman irin wannan aiki, zan ji daɗi in ya isar masa. Na gode."

Yaro ɗaya ne, halin gidansu bai canza ba, buƙatarsa tana nan yadda take. Abin da ya canza shi ne yanzu an san da wa ake magana. Mu bi saƙon a hankali.

Layin farko ya ɗauki suna, gari, fanni da makaranta. Dalili kuwa, a cikin talho layi biyu ko uku na farko ake fara gani, kuma da su mutum ke yanke ko zai ci gaba. In an cika su da doguwar gaisuwa da ban-haƙuri, an ɓata wuri mafi tsada. Sallama ɗaya ta wadatar.

Sannan ya kira aikin da sunansa: noman rani da ban-ruwa. Ya taƙaita fannin, amma ya faɗaɗa wurin da zai iya yin sa, garka ko ƙungiya ko shiri. Haka ake nuna sauƙin kai ba tare da an ce "kowane iri" ba.

Lambobin da ya sa ƙanana ne, rabin eka, manoma 80, wata uku, kuma ƙanƙantarsu ba aibi ba ce. Wanda ya san aiki ya san sabon mai diplom bai riƙe eka hamsin ba. In ya ga an rubuta rabin eka, ya san ba a yi masa ƙari ba. Ƙari kuwa a wannan fanni ba ya kwana: ranar farko za a kai ka bakin foraj a ce ruwa ba ya kai wa ƙarshen layi, duba mana. In ba ka san a fara duba matata ba, sannan a buɗe ƙarshen tiyo a wanke, magana ta ƙare.

Maganar shaida ma da sharaɗinta. Kada a sa sunan malami ko lambarsa cikin saƙon da zai yi yawo. A fara neman izininsa, a ce akwai mai shaida, in wani ya kira da gaske sai a ba shi.

Watan da ya ambata ba haka kawai ya zaɓe shi ba. Masu garka suna shirin noman rani ne da ɗaukewar damina, lokacin da ake gyaran fili da zuba iri. Saƙon da ya isa hannunsu kafin nan ya zo a kan gaɓa. In ya bari sai watan Maris, an riga an ɗauki mai kula, an kusa cire albasa. Kowane fanni da lokacinsa: mai neman koyarwa ya aika kafin komawa makaranta a watan Oktoba, ba bayan an raba azuzuwa ba.

Daga ƙarshe ya yi roƙo ɗaya, ƙarami, wanda kowa zai iya: a isar wa wanda ke nema. Bai ɗora wa kowa nauyin rayuwarsa ba, kuma bai sa wanda bai tura ba ya ji kamar ya yi zunubi.

Ina iyakar ladabi da roƙo?

Wani dattijo zai ce, "Yaro ya zo yana lissafa abin da ya iya, ba ko don Allah, ai wannan girman kai ne." Maganar tana da tushe, don a wurinmu ba a son mai yabon kansa. Amma ku duba saƙo na biyu: babu inda ya ce shi gwani ne ko ya fi wani. Abin da ya yi ya faɗa, ya ce ga wanda ya gani. Wannan bayani ne, irin wanda magini ke yi in ya ce shi ya gina gidan wane, a je a duba.

Ga hanyar ganewa in roƙo ya fara shiga. Ka karanta saƙon da ƙarfi, ka ƙirga jimlolin da ke magana a kan abin da kake buƙata, da waɗanda ke magana a kan abin da za ka yi wa mutum. In na farko sun fi yawa, a sake. Ka kuma duba ko akwai rantsuwa, ko "don Allah" fiye da sau ɗaya, ko tsawon lokacin da ka yi a zaune, ko kuka da cewa sai mai hanya ke samun aiki a ƙasar nan. Wannan na ƙarshe ko da ka ga haka da idonka, mai ɗaukar aiki zai ji kamar shi ake zargi tun bai san ka ba.

Halin gida kuwa yana da wurin faɗinsa. Kawunka da ka je gaishe shi, ko malaminka da ya san ka, kana iya zama ka gaya masa komai. Saƙon da zai faɗa hannun mutum ɗari da ba su san ka ba, wannan na sana'a ne.

Maganar kuɗi a bar ta sai an kira. Kafin nan yaro ya tambayi waɗanda suka riga shi shiga fannin nawa ake biya, ya lissafa kuɗin mai da abinci da wurin kwana in aikin na ƙauye ne. In zai yarda da gwaji, ya sa masa iyaka, ya ce wata ɗaya, bayan nan a zauna a yi magana. Gwajin da ba shi da ranar ƙarewa aikin banza ne da wani suna.

Ga iyaye da ƴan'uwa na nesa

Ku da ke Kano, Kwatano, Abijan, Agadas ko Turai, sau da yawa ku ake fara tura wa. Taimakon da ya fi amfani shi ne kada ku watsa saƙon cikin kowane zaure. Ku tuna mutum biyu ko uku da aikin ya shafa, ku aika musu kai tsaye, ku ɗora kalma ɗaya taku a sama: "Alhaji, ɗan ƙanena ne, ban-ruwa ya karanta, na san ka sa sola a garkarka, ko za ka duba." Wannan layi naku ya fi turawa ɗari nauyi, don mutum ya san wanda zai riƙe in wani abu ya faru.

Baba ko inna da ba su karatun boko, su ma da rawarsu. Ku sa yaron ya gaya muku aikinsa cikin jimla ɗaya da za ku iya riƙewa. In an tambaye ku a kasuwa ko wurin suna, maimakon "ya gama lakwal yana nan zaune", sai ku ce "aikin ban-ruwan garka ya karanta, ya yi a Jiratawa." In ku iyaye ba ku iya faɗin abin da ya iya ba, alama ce saƙon nasa bai fito ba tukuna.

Harshe kuma a bi mai karɓa. Ma'aikata da ƙungiyoyi a rubuta musu da Faransanci, a ba wani ya duba kurakurai kafin a aika. Mai garka ko ɗan kasuwa a yi masa da Hausa, da murya in ya fi, kada ya wuce minti ɗaya, a wuri marar hayaniya. Abin da ke ciki dai ɗaya ne.

Hattara, da iyakar abin da saƙo ke iya yi

Kada a haɗa hoton katin ɗan ƙasa, ko takardar haihuwa, ko diplom cikin saƙon da zai yi yawo. Ba a san hannun da za su faɗa ba, kuma ana iya amfani da su a cuci wani da sunanka. Lambar talho da sunan gari sun isa. Ƴan mata su bar kwatancen gida, kuma in an kira su ganawa, ta kasance a wurin aiki, da rana, wani na gida ya san inda suka tafi.

Duk wanda ya kira ya ce an ɗauke ka amma ka fara turo kuɗin dosiye ko na riƙe maka wuri, tun ba ka ga ofishinsu ba, ka tsaya. Saƙon roƙo ya fi jawo irin waɗannan, don sun ga wanda ya matsu.

Sannan a sani, wannan saƙo ƙofa kawai yake ƙwanƙwasawa. Ba ya maye gurbin rajista a hukumar samar da aiki ta ANPE, ba ya maye gurbin dosiyen konkur na gwamnati, inda ake neman takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kaziye wanda bai wuce wata uku ba, da kwafin diplom da hukuma ta buga wa hatimi. Yaro ya tanadi waɗannan, da takardar tarihin karatunsa da aikinsa mai shafi ɗaya, don in an ce turo, ya tura a ranar.

Yaya za a gane ko saƙon ya yi aiki? A duba irin amsar da ke dawowa. In addu'a ce kawai, ba a gane abin da kake nema ba, ko kuma ba ka aika wa masu buƙata ba. In ana tambayar ka "me ka karanta ne?", layin farko bai fito ba. In kuwa aka fara tambayar "ka taɓa aiki da famfon sola?" ko "za ka iya zuwa Galmi?", to saƙon ya isa inda ake so, ko da ba a ɗauke ka a wannan karon ba. Irin waɗannan tambayoyi a rubuta su a ajiye, don su ke nuna abin da masu aiki ke nema, da abin da ya kamata a je a koyo.

Kada a riƙa maimaita saƙo ɗaya kowace safiya a wuri ɗaya. A bar shi ya yi mako uku ko wata, a sake aikawa in an samu sabon abin ƙarawa: an gama wani horo, ko an yi wa wani aikin sati biyu ya yarda ya shaida. Matashin namu, in ya taya maƙwabci haɗa famfon sola a wannan tsakanin, ya samu layi na huɗu da zai sa.

Wanda ke da ɗa ko ƙane da ya kammala bana, a zauna da shi da takarda da biro, a yi masa tambayoyin nan huɗu kafin ya aika komai. Allah ya sa albarka a karatun, ya haɗa kowa da rabonsa na alheri. Mu kwana nan, sai wani shirin.